Zazzaɓin yaro mai tafiya yana dawowa: gidan likita na kusa ko babban asibiti na nesa?

Kamar yadda kowa ya sani, da zarar damina ta zauna a ƙasar Kance, ruwa ya kwanta a fadamu da kududdufai, to, masassara ta shigo gari ke nan. Daga watan Yuli har zuwa Oktoba da wuya a sami gida a Yauri da ƙauyukan da ke kewaye da ita wanda ba a kwana zaune ba saboda jikin yaro ya yi zafi. Zazzaɓi na farko ba ya tada hankalin iyaye ƙwarai, don an saba da shi. Amma idan aka ba yaro magani ya miƙe, bayan mako biyu ya sake kwantawa, aka kuma ba shi, ya sake komawa, a nan ne gardama take tashi a tsakar gida. Uwa ta ce a koma gidan likita na kusa. Kaka ta ce haƙori ne, a bar shi ya fito. Ƙanen uba ya ce maganin ƙauye ba ya jin wannan ciwo, a sayar da akuya a tafi Damagaram wurin manyan likitoci. Shi kuwa maigida yana tsaye tsakanin gonar da ke jiran maimai da aljihun da ba kome a ciki, ga rumbu ya kusa ƙarewa.

Wannan gardama ba ta wasa ba ce, domin ran yaro da abincin gida duka suna cikinta. Amsar da ta fi dacewa ita ce: a fara da na kusa, a kuma fara da wuri, a riƙa komawa wuri ɗaya da takarda ɗaya, sa'an nan a san alamomin da idan sun bayyana zama ya ƙare, sai hanya. Asibitocin ƙasar nan an jera su ne kamar matakalar bene. Akwai ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, akwai gidan likita da ake kira CSI, akwai asibitin gunduma a Matamai, sa'an nan babban asibitin ƙasa da ke Damagaram. Wanda ya tsallake matakai yakan yi asarar dukiya a banza. Wanda kuma ya maƙale a matakin ƙasa bayan lokacin hawa ya yi, shi asararsa ta fi ta dukiya.

Dalilin fara da na kusa

Zazzaɓin cizon sauro, wanda shi ne mafi yawan abin da ke kwantar da yara a damina, ciwo ne mai gaggawa. Yaron da ke wasa da safe yana iya shiga mawuyacin hali cikin kwana ɗaya ko biyu. Saboda haka ne masana kiwon lafiya suka tsayar da cewa a kai yaro mai zazzaɓi wurin awo kafin awa 24 ta cika. To, daga ƙauyen Yauri, wane wuri ne uwa za ta iya kaiwa cikin wannan lokaci, da goyo a baya, ba tare da ta jira an ci kasuwa an sayar da dabba ba? Gidan likita na kusa ne. Tafiya Damagaram kuwa tana son kuɗin mota, tana son ɗan rakiya, tana son a san inda za a sauka, kuma kafin a haɗa waɗannan duka sau da yawa kwana uku sun wuce. Kwana ukun nan su ne suke mai da ƙaramin ciwo babba. Hausawa sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

Abu na biyu da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ga zazzaɓin cizon sauro marar tsanani, abin da za a yi wa yaro a Damagaram shi ne dai abin da za a yi masa a CSI. Za a soki ɗan yatsa a ɗiga jini a kan ɗan allon gwaji, a jira minti 15 zuwa 20, idan layi biyu suka fito a ba da ƙwayoyin da aka fi sani da Kowatam. Magani ɗaya ne, awo ɗaya ne, ƙa'ida ɗaya ce ma'aikatar kiwon lafiya ta shimfiɗa wa kowa. Girman ginin asibiti ba ya ƙara wa ƙwayar ƙarfi.

Tarihin ƙasar nan ma ya shaida haka. Tun daga shekarar 2001 aka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a karkara a ƙarƙashin shirin musamman na shugaba Tanja Mamadu, kuma a 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 biyan kuɗin magani a asibitocin hukuma. Binciken da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2012 ya nuna cewa a cikin kowane yara 1000 da aka haifa a Nijar, waɗanda ke rasuwa kafin su cika shekara 5 sun ragu daga 226 a 1998 zuwa 128 a 2009. Cikin manyan dalilan da binciken ya kawo akwai kusanto da magani ga ƙauyuka, da ɗauke kuɗin, da rabon gidan sauro. Rayukan nan an cece su ne kusa da gida.

Abin da dawowar zazzaɓi take nufi

Sai dai maganar yaron da zazzaɓinsa ke dawowa ta fi haka zurfi. A ɗauki misalin wata yarinya ƴar shekara 3, mai nauyin kilo 12, a wani ƙauye na yankin Yauri. Ranar 3 ga Agusta jikinta ya yi zafi, washegari uwar ta goya ta zuwa CSI. Aka yi gwaji, layi biyu suka fito. Yaro mai nauyin kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya yake sha a kowane karo, karo shida cikin kwana uku: ɗaya nan take, ɗaya bayan awa 8, sa'an nan safe da yamma har kwana biyu. Ana son a haɗa da nono ko abinci mai ɗan maiƙo, domin da maiƙo ne hanji yake jan maganin sosai, kuma idan yaro ya amayar da ƙwayar cikin rabin awa, sai a sake ba shi wata. Uwar ta ba da huɗu. Yarinya ta tashi tana wasa, tana cin tuwo. Sai uwar ta ƙulle biyun da suka rage a bakin zane, ta ajiye don wata rana, tana ganin ta yi tattali.

Ranar 20 ga Agusta zazzaɓi ya dawo. A nan abu uku ne zai iya kasancewa, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su. Na farko, ƙwayoyin cutar da maganin bai ƙarasa kashewa ba sun sake yaɗuwa a jini, domin ƙwayoyin ƙarshe na magani su ne masu share ragowar. Na biyu, sauro ya sake cizon ta, sabon kamu ne, abin da ba abin mamaki ba ne a tsakiyar marka. Na uku, wani ciwo ne dabam, kamar ciwon huhu, ko ruwan kunne, ko ciwon mafitsara, ko taifot, wanda ya zo da zafin jiki shi ma.

Wani zai ce ai sai a sake gwajin yatsa. To, a nan ne iyakar ɗan allon gwajin take. Abin da yake ganowa wani sinadari ne da ƙwayar cutar take zubarwa a jini, kuma wannan sinadari yana iya zama har makonni bayan cutar ta mutu. Ke nan layi biyu na iya fitowa ga yaron da ya riga ya warke daga cizon sauro, alhali abin da ke cin sa yanzu ciwon huhu ne. Idan aka bi layin nan ido rufe aka sake ba da Kowatam, sai a yi ta maganin abin da babu, ainihin ciwon yana ƙara kama jiki. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zazzaɓin da ya dawo cikin kwana 28 bayan magani, a duba jinin da madubin likita, a ga ƙwayar cutar da ido, kuma idan ta tabbata a canza haɗin maganin. Wanda ya dawo bayan kwana 28 kuwa ana ɗaukar sa sabon kamu, a bi da shi kamar na farko.

Daga wannan bayani abu biyu suka fito fili. Ɗaya shi ne darajar littafin awon yaro, wanda ake kira karne. Malamin asibiti ba zai san kwana 17 ne tsakanin zazzaɓin farko da na biyu ba sai ya ga rana a rubuce, da sunan maganin da aka bayar, da nauyin yaron a lokacin. Gidan da yau ya je CSI, gobe ya sayi ƙwaya wurin mai talla a kasuwa, jibi ya ƙetare iyaka zuwa Daura, ba tare da takarda ba, kowane likita zai karɓi yaron ne tamkar yau ciwon ya fara, kuma ba wanda zai taɓa ganin cewa wannan karo na uku ne. Ɗayan kuma shi ne faɗin gaskiya. Uwar da ta ɓoye cewa ƙwaya huɗu ta bayar, don tsoron faɗa, ta ɓatar da mai neman taimakon ta. Malamin asibiti kuma da ke yi wa mata tsawa a gaban jama'a, shi ne yake koya musu ɓoyewa.

A misalin yarinyar nan, abin da ya dace shi ne a koma CSI ɗin da aka fara zuwa, da karne a hannu. Malami ya ƙidaya numfashinta, ya leƙa kunne da maƙogwaro, ya duba tafin hannu da cikin ido, ya taɓa ciki ko saifa ta kumbura, ya auna damtse da ɗan igiyar awo mai launi. Idan yana da madubi ya duba jinin. Idan babu, ya rubuta takardar turawa zuwa Matamai. Wannan tafiya ce ta natsuwa: a tashi da sassafe, yarinya tana iya zama tana iya shan ruwa, a yi awo, galibi a kwana a gida. A ce madubi ya nuna ƙwayar cutar tana nan, awon jini kuma ya nuna giram 7. Jinin ya ragu, amma bai kai ga neman ƙari ba, don sai ya sauka zuwa wajen giram 5 ake lissafa shi cikin mai tsanani. Aka canza mata magani, aka rubuta mata na ƙarin jini na sha, aka ce ta dawo awo a CSI. Abin da gidan ya kashe shi ne kuɗin abin hawa na mutum biyu da wunin aiki ɗaya.

Lissafin tafiya mai nisa

A kwatanta wannan da abin da zai faru da a ce an bi shawarar ƙanen uba tun farko. Daga Matamai zuwa Damagaram ta Takeita tafiyar kusan kilomita 90 ce, ban da ta fitowa daga ƙauye a kan kabu-kabu ko amalanke cikin laka. Mace ba za ta tafi ita kaɗai ba, ke nan kuɗin mota na mutum biyu ne, zuwa da dawowa. A birni ana sayen abinci, ana sayen ruwa, ana biyan abin hawa daga tasha. Idan ba a ga likita a ranar ba sai a kwana, gidan ɗan'uwa ko a farfajiyar asibiti. A gida kuma an bar sauran yara a hannun kishiya ko kaka, gona tana ciyawa, kuma kwana uku na noma da aka rasa a Agusta sai a rumbu ake ganin su a kaka. Akuyar da aka sayar cikin gaggawa, dillali ya san gaggawa ce, ba zai ba da kuɗin kirki ba. Bayan wannan wahala duka, tun da ba takarda ba karne, mai yiwuwa a soki yatsa, layi biyu su fito, a miƙo ƙwayoyi shida irin waɗanda aka baro a ƙauye.

Gaskiya ne an ɗauke wa ƙananan yara kuɗin magani, kuma a 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita da na awo da rabi a asibitocin hukuma ga sauran jama'a. Amma babu dokar da ta ɗauke kuɗin mota, ko na abinci, ko asarar gona, kuma su ne mafi nauyi a kan mutumin karkara. Ban da haka, manyan asibitoci a lokacin marka cike suke. A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta ba da sanarwar cewa a sashen yara na asibitin Magarya, maƙwabciyar Matamai, yara sama da 700 ne ke kwance a lokaci ɗaya, kuma kimanin goma ne ke rasuwa kowace rana, mafi yawa saboda cizon sauro da tamowa. Da yawa daga cikinsu sun iso ne bayan ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu. Duk yaron da za a iya warkarwa a ƙauye aka kai shi can, ya tare wa wani layi. Duk kuma wanda aka riƙe a gida har ya galabaita, ko babban asibiti ba lalle ya iya dawo da shi ba.

Lokacin da zama ya ƙare

Kada wannan magana ta sa a ɗauka cewa gidan likita na kusa ya isa ga kome. Babban goro sai magogin ƙarfe. Akwai abubuwan da sai asibitin gunduma aka tanada wa: ƙarin jini, iskar numfashi, kwantar da yaro ana yi masa allura dare da rana, da jinyar tamowa mai haɗe da wani ciwo. Akwai kuma alamomin da kowane uba da kowace uwa ya kamata su haddace kamar sunayen ƴaƴansu, domin idan ɗaya ta bayyana lissafin kuɗi ya tsaya.

Yaron da ya kasa shan nono ko ruwa, da wanda duk abin da ya shiga cikinsa yake amayarwa, da wanda ya yi jijjiga idanu suka kafe, da wanda barci ya danne shi ana tada shi ba ya farkawa sosai, duk waɗannan na asibiti ne a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Haka wanda tafin hannunsa da cikin idonsa suka yi fari fat, don jininsa ya ƙare, da wanda fitsarinsa ya yi baƙi, da wanda haƙarƙarinsa ke lotsawa in ya ja numfashi. Numfashi ma ana iya ƙidaya shi da agogon salula: yaro ɗan wata 2 zuwa 11 idan ya kai sau 50 a minti ɗaya, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 idan ya kai sau 40, alamar ciwon huhu ce, a kai shi awo a ranar. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa, duk zafin jikin da ya same shi babba ne.

Zazzaɓin rani ma yana da nasa hukunci. Idan sauro ya ragu, ƙura ta taso, yaro ya yi zafi tare da sanƙarewar wuya, to, a tuna da sanƙarau, wanda ya ɓulla a jahar Damagaram a ƙarshen 2022 da farkon 2023, har da gundumar Matamai. Idan kuma zafin ya zo da kumburin wuya da farar fata a maƙogwaro, a tuna da mashaƙo, wanda ya addabi wannan gunduma a 2023. Irin wannan yaro wurin likita ya kamata a kai shi, kada a kai shi wurin wanzami a ce beli ne.

Ko a waɗannan lokuta na gaggawa, idan CSI tana kan hanya, a tsaya a cikinta. Minti kaɗan ne, amma a nan ne za a yi wa yaro allurar farko ta atesunat, ko a sa masa ƙwayarta ta dubura idan ba zai iya haɗiya ba, a ba shi abin da zai hana sukarin jininsa faɗuwa, a rubuta takardar da za ta sa a karɓe shi da sauri a Matamai. Wannan magani na farko yana riƙe yaro ne a hanya kawai, bai gama aikin ba, don haka ko ya buɗe ido ya nemi nono, tafiya tana nan. A hanya a ci gaba da shayar da shi in yana iya haɗiya. In yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa rubutu ko jiƙo, domin zai iya shaƙewa.

Ban da gaggawa, akwai hali uku da suke wajabta hawa mataki na gaba ko da yaro yana kan ƙafarsa: zazzaɓin da ya yi fiye da kwana 7 kullum ba fashi, da wanda ya dawo cikin kwana 28 alhali an shanye magani daidai, da yaron da ciwon ke ta maimaituwa yana ramewa, ko nauyinsa a karne ya tsaya, ko gaɓoɓinsa na ciwo, yatsunsa na kumbura, idonsa na yin rawaya. Na ƙarshen nan na iya zama amosanin jini, wato sikila, wadda sai da awon jini na musamman ake tabbatar da ita, haka kuma tarin fuka da tamowa suna ɓoyewa a bayan zazzaɓi mai dawowa. Irin waɗannan ne Matamai take turawa Damagaram idan sun fi ƙarfinta, kuma a lokacin ne sayar da akuya ya zama hankali.

Hakkin da ke kan hukuma

Masu gudun gidan likita na kusa suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Shekaru da dama jinkirin biyan asibitoci kuɗin da suka kashe wa yara kyauta ya sa kantocin maganinsu suka riƙa zama wayam a sassa da dama na ƙasa. Uwar da ta taka kilomita 10 da goyo, aka ce mata abin gwaji ya ƙare, ko aka miƙo mata takardar sayen magani alhali ba farmasi a kusa, wa zai ga laifinta idan gobe ta nufi mai talla? Ba za a ce wa talaka ya bi matakala ba alhali matakin farko ruɓaɓɓe ne. Saboda haka wajibi ne hukumomin lafiya na gunduma da na jaha su cika kowace CSI da abin gwaji da magani tun watan Yuni, kafin hanyoyi su lalace, su kuma sa madubi da mai aiki da shi a manyan CSI, domin madubi ɗaya a kusa zai rage wa gidaje da yawa kuɗin mota. Malaman asibiti su ma akwai nasu: su rubuta kome a karne, su gaya wa uwa ranar da za ta dawo idan zafin bai sauka ba bayan kwana 3, kuma kada su riƙe yaron da ya fi ƙarfinsu don gudun a ce sun kasa. Asibitin da aka tura masa yaro kuma ya mayar da amsa a rubuce, don wanda ya tura ya san abin da aka gano.

Jama'ar gari su ma suna da abin yi tun ciwo bai zo ba, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙauyen da ya tara tiya ɗaya ta hatsi daga kowane gida a kaka, aka sayar aka ajiye kuɗin wurin amintacce don ɗaukar marar lafiya, aka kuma san mai babur ɗin da za a buga wa ƙofa da dare, ya kawar da jinkirin da ya fi kashe yara. Maigida kuma ya ba matarsa izini tun yau, cewa ko ba ya nan ta ɗauki yaro ta tafi, musamman a wannan yanki da maza da yawa ke cin rani a Nijeriya. Sa'an nan a riƙe maganin rigakafin damina da aka fara rabawa a Nijar tun 2013 ga yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5, wata-wata a lokacin ruwa. Na ranar farko masu rabo ne ke bayarwa, na rana ta biyu da ta uku kuwa a hannun uwa yake, kuma ɗacinsa ba dalilin zubar da shi ba ne, don gwaje-gwaje sun nuna yana hana kusan kashi uku cikin huɗu na kamuwa idan an sha daidai.

Abin da ya rage shi ne kowane magidanci a Yauri da kewaye ya zauna da iyalinsa tun yaro yana lafiya, a yanke inda za a fara zuwa, a san inda karne yake, a san alamomin tashi. Gidan da ya yi haka, ranar da zazzaɓi ya dawo ba zai ɓata dare yana gardama ba. Allah ya raya yara, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya sa damina ta yi albarka.